Yadda ake zare makullin da ya maƙale a cikin kwado mai tsatsa

Kwadon da ke ƙofar shagon kwantena a unguwar Nima ko Mamobi a birnin Accra yana shan wahala iri uku: ruwan damina, iskar teku mai gishiri, da ƙurar hunturu. Idan mai shago ya yi tafiya arewa ya bar shi wata biyu ba a taɓa ba, sau da yawa makulli zai shiga da ƙyar, ya juya ko ya ƙi juyawa, sannan ya ƙi fita. A nan ne mutane ke ɗauko filaya su finciko, makullin ya karye a ciki. Ƙarfi ba ya aiki a wannan wuri, domin abin da ya riƙe makullin bai kai ƙwayar shinkafa girma ba.

A cikin kwado na yau da kullum akwai wani dunƙulen tagulla da makulli ke shiga, shi ne ke juyawa. A gefen da haƙoran makulli ke fuskanta akwai ramuka huɗu ko biyar, kowanne da ƙananan fil biyu, ɗaya kan ɗaya, da siririn sifirin yana danna su. Kafin makulli ya fita, dole kowane fil ya hau kan tudun haƙori, wato ya ja baya cikin raminsa. Idan tsatsa ko ƙura ta cushe rami ɗaya tak, fil ɗin ba shi da wurin ja da baya, sai ya tsaya cikin kwarin haƙori ya kulle makullin. Aikinka shi ne ka sa wannan fil ya motsa.

Kayan aikin kaɗan ne: fensir, reza, 'yar takarda, da sukundireba mai mariƙin roba ko katako. Baƙin da ke cikin fensir shi ne girafayit, amma an gauraya shi da yumɓu. Fensirin 'yan makaranta mai lamba HB yumɓunsa da yawa. Mai lamba 4B ko 6B na masu zane ya fi laushi da santsi, shi za ka nema. In ka sami garin girafayit na kanti a 'yar roba mai tsinin baki, ya fi duka.

Kafin ka sa komai, duba abu biyu. Na farko, makulli ba ya fita sai ya koma daidai inda ya shiga. In ya karkace ko da kaɗan ne, ramukan dunƙulen da na jikin kwadon ba su haɗu ba. Akwai kuma kwadon da aka ƙera shi ya riƙe makulli muddin yana buɗe, sai ka danna hancinsa ya kulle tukuna. Na biyu, ƙofar kwantena takan sauka ta ja hancin kwadon. Ka sa wani ya tura ƙofar ko ya ɗan ɗaga ta har kwadon ya yi lilo a sake, kai kuma ka danna hancin ciki da tafin hannu kana mayar da makullin mazauninsa. Wani lokaci iyakar matsalar ke nan.

In bai fita ba, tabbatar cikin kwadon a bushe yake. Garin fensir da ruwa ko mai taɓo suke zama. Idan an sha ruwa da dare, juya bakin kwadon ƙasa, ka girgiza, ka bar shi rana ta buge shi kamar minti 30. Manja, man gyaɗa da baƙin man inji kuwa, kar su zo kusa. Suna sassauta kwado yau, amma su ne ke kama ƙurar da za ta kashe shi nan da 'yan watanni.

Kankare baƙin fensirin da reza a kan takarda, a hankali, don ya fito gari ba ɓarɓashi ba. Kada katako ya shiga ciki. Kamar kan ashana biyu ya isa zagaye ɗaya. In ya yi yawa shi ma cushe ramin yake. Ninka takardar ta yi kwari, ka ɗaga gindin kwadon bakinsa ya kalli sama, ka zuba garin a 'yar tazarar da ke tsakanin makulli da bakin ramin, ta gefen haƙora. Tura makullin gefe da ɗan yatsa don tazarar ta buɗe. Ana iya hurawa ta bututun biro, sau ɗaya a gajarce, ido a rufe. Yawan hurawa na kai danshin numfashi ciki.

Sai bugu, kuma a nan aka fi yin kuskure. Da mariƙin sukundireba za ka buga, ba da guduma ko dutse ba, kuma jikin kwadon ake bugu, ba kan makullin ba. Fara da faffaɗan gefe, bakin yana kallon sama, bugu biyar ko shida don garin ya gangara ciki. Daga nan koma siririn gefen da haƙoran ke fuskanta, inda fil ɗin suke jere, ka yi ƙwas-ƙwas sau 10 zuwa 15, gwargwadon yadda za ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. Girgizar ce ke fasa ɓawon tsatsar da ya manne fil da raminsa, garin kuma ya sami hanyar shiga tsakani. Bugu mai nauyi yana lotsa jikin kwado mai arha ya matse ramukan gaba ɗaya, daga nan sai dai zarto.

Kana bugun, ɗaya hannun na riƙe da makullin. Tura shi ciki tukuna, ka ɗan ja, ka sake turawa, motsin da bai wuce milimita 1 ko 2 ba. Turawar tana sauke haƙorin daga kan fil ɗin ya sami sarari. Ɗan kaɗa shi sama da ƙasa ta tsayin haƙora, amma kar ka murɗa, murɗawa ce ke karya makulli a wuya. Idan ka ga dunƙulen tagullar na biyo makullin waje in ka ja, danne fuskarsa da bakin sukundireba ko farcen babban yatsa, sannan ka ja. Dunƙulen ya yi sako-sako ne, kuma fitowar da yake yi tana karkatar da ramukan.

Alamar nasara ita ce jan gari na zubowa tare da baƙi, makullin kuma ya ƙara wasa. Yakan fito haƙori ɗaya ya sake tsayawa, domin yanzu wani tudun ne ya iske fil ɗin da ya maƙale. Kar ka fizge. Ƙara gari kan ashana ɗaya, yanzu ma tazarar ta fi faɗi, ka sake bugu.

Girafayit santsi kawai yake sawa, ba ya narkar da tsatsa. In an yi zagaye uku makullin bai motsa ko kaɗan ba, tsatsar ta ci sifirin ko ta haɗe fil da jiki. A bar fensir, a fesa man kwance tsatsa na gwangwani ko a ɗiga kananzir, a jira awa guda, a sake bugu. Bayan haka ba a ƙara gari sai cikin ya bushe sarai. Duba wuyan makullin kuma: in ya lanƙwashe ko ka ga siririn layin tsagewa, tsaya nan ka kira mai yankan makulli, don ciro guntu ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba.

Da ya fito, goge shi da tsumma, ka goga fensir a haƙoransa da kwarin jikinsa, ka sa ka cire sau 10, kana gogewa har jan ya daina fitowa. Idan har yanzu yana kamawa a wuri ɗaya, sifirin ya riga ya mutu, sai a canja kwadon kafin a rufe shago da yamma. Sabon kuma a rataye shi bakinsa na kallon ƙasa, a ɗaura masa 'yar rumfa da guntun tsohon tub na taya.