Kurakuran 'yan dako kan ƙaba, na gaji da maimaita magana

Wallahi na gaji, duk shekara sai an kwashi wani cikin yaranmu na kasuwar Garwa ranga-ranga zuwa asibiti saboda ƙaba, kuma kuskuren ɗaya ne kullum. Mutum yana sauke buhun masara mai kilo 100 ko siminti tun safe har magariba, ya ga wani ƙullutu ya fito masa a matsematsi, in ya yi tari ya ƙara girma, in ya kwanta ya koma ciki, sai ya ce ai iska ce. Ba iska ba ce malam. Bangon cikinka ne ke da rauni a wurin, hanji ke leƙowa ta kafar, kuma kafar nan ba ta rufe kanta, sai dai ta ƙara faɗi har kayan su gangara cikin maraina.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne shan tramol a kan ciwon. Wannan ya kusa raba mu da ƙanina. Tasa ta daɗe tana fita tana komawa, ya saba ya kwanta ya tura ta da hannu. Ran nan bayan azahar ya ɗaga buhu, ta fito ta ƙi komawa, ta yi tauri, ko taɓawa ba ya so a yi. Maimakon ya faɗa sai ya watsa tramol ya ƙarasa lodin motar, wai kar kuɗin ranar ya wuce shi. Da isha ya fara amai, ciki ya kumbura, ba bayan gida ba tusa, fatar wurin ta yi ja tana sheƙi, ga zazzaɓi. A gida kuma aka dama masa kanwa wai ciwon ciki ne. Sai da asuba muka kai shi. Da aka buɗe, hanjin da ya maƙale ya riga ya yi baƙi, dole aka yanke wannan yankin aka haɗa sauran. Aikin da bai kai awa ɗaya ba in da lafiya aka je, ya zama kwana da kwanaki a gado da tiyo a hanci, kuɗin kuma har babur ɗina ya tafi a ciki.

Ku gane abin da ke faruwa, bakin kafar ne ke shaƙe hanjin, jini ya daina zuwa masa, kuma cikin kamar awa 6 zai iya fara mutuwa. Tramol zafin kawai yake danne maka, hanjin na can yana ruɓewa. To in ta fito ta ƙi komawa, da zafi da tauri, balle a ce amai ya shigo, kar ka ci komai kar ka sha ko ruwa saboda allurar barci, kar wani ƙato ya hau dannata da ƙarfi, a hau babur a nufi asibitin da ake tiyata ko ƙarfe biyun dare ne. Ba kantin magani ba, ba ƙaramin asibitin unguwa ba.

Sai masu tsoron wuƙa, wai in an yi aiki mutum ba zai ƙara kusantar iyali ba. Wa ya gaya muku? Ni an yi min tawa, allura aka yi min a baya, ina jin hirar likitoci har aka gama, kuma an haifa min yara bayan nan. Wasu ma wurin kawai ake kashewa. Gyaran iri biyu aka fi yi a nan, ko a ɗinke naman wurin da zare, ko a shimfiɗa raga a toshe kafar. Ni duk mai ɗaukar kaya raga nake ce masa ya tambaya, don ta fi wuyar dawowa, ko da ta ɗan fi tsada. Akwai na kyamara da ake huda ciki, wannan sai manyan asibitoci da aljihu mai nauyi.

Ɗaure wurin da ɗamara ko tsohon rawani ba ya warkar da komai. Kai wa wanzami ya tsaga kuwa ganganci ne, hanji ne a ciki. Kuma ba kowace gwaiwa ce ƙaba ba, akwai ta ruwa wadda ba ta komawa in an kwanta kuma yawanci ba ta zafi, likita ne zai bambance.

Bayan aiki ma akwai masu taurin kai, sati ɗaya an cire zare sai ka gan shi a bayan tirela. Tafiya kam ka fara tun washegari, amma buhu ni dokata sati 6, in ka zo kafin nan ba na sa ka a layi, ka riƙe littafin lissafi. Ka bar taba don tari na tura wurin, ka sha ruwa da miyar kuka ko kuɓewa kar ka riƙa yunƙuri a bayan gida. Dattawan da fitsari ke musu gardama su gaya wa likita tun kafin a shiga aikin, wannan yunƙurin ma yana dawo da ita.