Darasi na 6: Inda kwantirola zai yanke wuta da inda zai dawo da ita

A cikin saitin kwantirolan sola akwai lambobi biyu. Ta farko, LVD, ita ce ƙarfin da in batir ya sauka zuwa gare shi kwantirola zai kashe fitilu. Ta biyu, LVR, ita ce inda zai yarda ya sake kunna su. A allon wasu kwantirola za ku ga LOAD OFF da LOAD ON. Darasin nan na batirin ruwa ko na jel ne mai 12V. Batirin litiyam lissafinsa daban ne.

Ga misali. Gida yana da batir mai 100Ah da ƙwayayen fitila huɗu masu wat 5, jimilla wat 20. Suna jan kusan 1.7A. Daga magariba zuwa asuba, awa 11, sun ci kusan 19Ah, ko kashi ɗaya cikin biyar na batirin bai cika ba. Idan rana ta yi kyau, fitilun za su kwana lafiya. Matsalar tana zuwa ne lokacin hazo ko marka, inda batir kan yi kwanaki bai cika ba.

Yawancin ƙananan kwantirola daga kanti suna zuwa da LVD a 10.7V ko 11.1V. Wannan ya yi ƙasa ƙwarai. Cikakken batir da ya huta yana nuna kusan 12.7V, wanda aka ci rabinsa kusan 12.1V. Tun da ƙwai huɗu ba nauyi ba ne, abin da allo ya nuna yana kusa da gaskiyar batirin. Kafin ya kai 10.7V an tatse shi tas, kuma irin wannan tatsar ce ke kashe batir da wuri. Ku sa LVD a 11.9V, don ya tsaya wajen rabi.

Da zarar an cire wa batir kaya, lambarsa takan ɗan farfaɗo, daga 11.9V ta koma 12.1V, alhali ko ɗigon caji bai shiga ba. Idan LVR tana 12.1V, kwantirola zai kunna fitilu, batir ya sake faɗuwa, ya kashe, ya kunna, haka har gari ya waye. In kun ga fitilun tsakar gida suna wannan zuwa da tafiya, tazarar da ke tsakanin LVD da LVR ce ta yi kaɗan. Ku sa LVR a 12.8V, lambar da batir ba zai kai ba sai rana ta fito ta ba shi caji. Mai 24V sai ya ninka: 23.8V da 25.6V.

Idan fitilu suka fara mutuwa tun bayan isha'i, don Allah kada ku rage LVD. Ku goge ƙurar farantin sola, sannan ku ɗora mita a kan batirin ku gwada da abin da allo ke nunawa. Bambanci mai yawa alamar siririyar waya ce ko sako-sakon haɗi. Ku kuma duba cewa wayar fitilun tana ramin da ke da hoton ƙwan fitila, domin wadda aka ɗaura kai tsaye a batir kwantirola ba ya iya yanke ta.