Kurakuran da Ake Yi Wajen Biyan Kuɗin Haya ta Tiransifa

Alat da ya shigo wayar mai gida yana nuna abu ɗaya ne kawai, wato kuɗi sun tashi daga wani asusu sun faɗa wani. In ba a rubuta bayani ba, ba ya faɗin ko na haya ne, ko na wace shekara, ko na wane ɗaki. Rigimar haya da ke kai mutane gaban mai unguwa takan taso daga wannan giɓin.

Mu ɗauki misalin Malam ɗan haya da ya kama ciki da falo a kan naira 360,000 a shekara. Ya tura 200,000 daga wayarsa zuwa asusun mai gida, bai rubuta komai a gurbin bayani ba. Bayan wata biyu ya kai ragowar 160,000 wajen mai POS, aka tura wa dillali. Da shekara ta zagayo sai Alhaji mai gida ya ce shi 200,000 kaɗai ya sani. Kuma ba lallai ƙarya yake yi ba.

Babban kuskuren shi ne biyan da aka yi ta hannun mai POS. Idan ka ba shi tsabar kuɗi ya tura, sunansa ko sunan shagonsa ne zai fito a wajen wanda aka tura wa. A takardar bayanan bankinka kuwa babu alamar wannan biya ko kaɗan. 'Yar takardar da injin ya fitar ma rubutunta yana dusashewa, musamman in ta sha zafi a aljihu, bayan 'yan watanni sai ka tarar da farar takarda. In dole sai ta mai POS, ka ɗauki hoton takardar nan take, ka tura wa mai gida a ranar, kuma kada ka kwana biyu ba ka karɓi rasit da sa hannunsa ba. In kana da asusu, gara ka zuba kuɗin a ciki tukuna, sannan ka tura da sunanka.

Sai asusun da aka tura wa. Dillali ya haɗa ku, amma wannan bai mai da shi wakilin karɓar haya ba. Haka ɗan Alhaji ko ƙaninsa. A sa sunan banki da lambar asusu da sunan mai asusun a cikin takardar yarjejeniya tun farko. In mai gida ya ce a tura wa wani, ya faɗa a rubuce, ko da saƙon waya ne daga lambarsa, ka adana. Wannan ba rashin yarda ba ne. Rai ba a bakin komai yake ba, kuma magada takarda suke tambaya.

Gurbin bayani, wanda manhajoji ke kira Narration ko Remark, mutane kan bar shi fayau ko su rubuta "haya" kawai. Cika shi ba ya cin minti ɗaya:

```
Haya daki 3, Maris 2025 - Fabrairu 2026, kashi na 1
```

Rasit ɗin mai gida kuma ya ɗauki sunan ɗan haya, adireshin gida, adadin kuɗi a lamba da kalmomi, ranar da hayar ta fara da ranar da za ta ƙare, da abin da ya rage. Na Malam ya kamata ya ce an karɓi 200,000 daga cikin 360,000, saura 160,000. A nan ne ake ɗaure rasit da tiransifa: a kwafi lambar cinikin a jikinsa. A Najeriya tiransifa tsakanin bankuna tana da Session ID mai lambobi 30, da ita banki ke bin sawun kuɗi. A Nijar, mai biya da Airtel Money ya kwafi lambar da ke cikin saƙon tabbatarwa, tunda can yawanci wata-wata ake biya, kuma saƙonnin suna kama da juna. Kuɗin dillali ko na wuta kada a cuɗa su da haya a tiransifa ɗaya.

Masu gidaje ma suna da nasu kuskuren: rubuta rasit don an nuna musu hoton tiransifa. Hoto ana iya ƙirƙirarsa, kuma tiransifa takan maƙale ta koma wa mai ita. Alhaji ya buɗe manhajarsa ya ga kuɗin sun zauna, sannan ya sa hannu.

Wanda ya riga ya biya ba rasit, ya fitar da bayanan asusunsa na watannin, ya je wa mai gida tun ana ga-maciji, su jera biyan ɗaya bayan ɗaya a takarda guda, su sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Kuɗin da suka bi ta hannun dillali kuwa, a kira shi zaman ya tabbatar da ranar da ya miƙa su, ya sa hannu shi ma.