Yadda ake koma wa tsohon asusun Facebook a goge shi, bayan layi da imel sun ɓata

A ce ka buɗe Facebook a 2013 da layin MTN, wayar ta faɗi a kasuwa a 2019, ka sayi sabon layi ka buɗe sabon asusu. Tsohon yana nan da hotunanka da sunayen 'yan uwanka. Matsalar ita ce layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani kan sake sayar da shi, kuma wanda ya saya zai iya karɓar lambar sauya kalmar sirri ya shige asusunka. Facebook kuwa galibi ba ya goge maka asusu sai ka shiga ciki, don haka aikin duka na neman hanyar shiga ne.

Fara da mafi sauƙi. Ɓatan layi ba ya hana shiga in ka tuna kalmar sirri: rubuta tsohuwar lambar ko tsohon imel ɗin a wurin shiga, ka gwada kalmomin da kake sawa a wancan lokacin. Kada ka yi ta jefa su barkatai, domin kuskure da yawa a jere kan sa a dakatar da kai na ɗan lokaci. Duba kuma ko waya ta adana maka ita a passwords.google.com, ko har yanzu asusun na buɗe a wata tsohuwar waya da ke cikin durowa.

In hakan bai yi ba, koma kan layin kansa. Kira lambar. In a kashe take, je ofishin kamfanin da NIN ɗinka ka nemi a yi maka welkam bak. Muddin layin na kan sunanka, za a ba ka sabon sim mai tsohuwar lambar, saƙon Facebook ya shigo hannunka, magana ta ƙare. In kuwa wani ya ɗauka ya ce shekararsa biyu da layin, to ya tafi. Wasu kan roƙi mutumin ya karanto musu lambar da aka turo. Ni dai ba na ba da wannan shawara: ka sanar da baƙo ke nan cewa layinsa mabuɗin asusunka ne, mai hankali ma ba zai ba ka ba, saboda irin abin da 'yan damfara ke yi ke nan.

Imel ma a gwada shi. Na Gmail ana nemansa a accounts.google.com/signin/recovery, sai dai tun Disamba 2023 Google ya fara goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba.

Hanya ta ƙarshe ta Facebook ce, kuma ita ce mai buƙatar haƙuri. Shiga facebook.com/login/identify, zai fi kyau da waya ko kwamfutar da ka taɓa buɗe asusun da ita, saboda Facebook ya fi yarda da na'urar da ya sani. Nemo asusun da tsohuwar lamba, imel ko cikakken suna. In masu sunan sun yi yawa, sa aboki ya buɗe shafin ya karanto maka sunan da ke ƙarshen adireshinsa. Da ya nuna inda zai tura lambar, nemi rubutun "No longer have access to these?". Ba kowa yake bayyana wa ba. In ba ka gan shi ba, gwada da wata na'urar da ka taɓa amfani da ita. In ya fito, za a nemi sabon imel, wani lokacin har da hoton katin shaida. A nan mutane da yawa ke maƙalewa: asusun da aka buɗe da laƙabi da ranar haihuwa ta ƙarya ba zai dace da katin ɗan ƙasa ba, sai a ƙi. In kuma wani ya riga ya shige yana roƙon kuɗi da sunanka, facebook.com/hacked za ka bi, ka kuma sanar da 'yan uwa.

Da ka samu shiga, kada ka yi gaggawar gogewa. Sa sabuwar lambarka, cire tsohuwar, sauya kalmar sirri, sannan ka sauke hotunan da kake so. Duba ko kai kaɗai ke riƙe da wani shafin kasuwanci, domin zai tafi tare da asusun in ba ka ɗora wani a kai ba.

Daga nan bi Settings, Accounts Center, Personal details, Account ownership and control, sai Deactivation or deletion. Zaɓi Delete account. Ɗayan zaɓin ɓoye asusun kawai yake yi, ranar da aka sake shiga ya dawo. Bayan ka tabbatar da kalmar sirri, akwai kwana 30 da za a iya shiga a soke gogewar, shi ya sa cire tsohuwar lambar ya zo kafin wannan mataki. Saƙonnin da ka taɓa tura wa mutane a Messenger kuwa suna nan a wurinsu ko bayan an goge.