Buhun siminti ɗaya, kankare nawa? Kurakuran da ke ɓata lissafi

Tambayar da ke haɗa mai gida da magini faɗa ba ta wuce wannan ba: an ce buhu goma zai isa, an kwaɓa goman, ga aiki bai kai ƙarshe ba. Mai gida ya fara zargin an yi awon gaba da simintinsa, magini kuma ya ce simintin bana ba shi da auki. Sau da yawa babu wanda ya saci komai, simintin ma lafiyarsa lau. Lissafin ne aka ɗora a kan kuskure tun daga tushe.

Mu ɗauki haɗin da aka fi ji a bakin magina, wato 1:2:4, kashi ɗaya siminti, biyu yashi, huɗu tsakuwa. Buhun siminti kilo 50 ne, idan aka juye shi a mazubi yana cin wajen lita 35. Yashinsa ke nan lita 70, tsakuwa lita 140. Mai lissafin gaggawa sai ya tara su, ya samu lita 245, ya ce kankaren da buhu ɗaya zai ba shi ke nan. Wannan shi ne kuskure na farko, kuma shi ya fi cin kuɗin mutane.

Ka cika bokiti da tsakuwa har baki, sannan ka riƙa zuba yashi kana jijjigawa. Za ka ga yashin yana ɓacewa a ciki, bokitin bai tumbatsa ba, domin tsakanin duwatsun akwai sarari mai yawa. Haka yashi ma yake da nasa ƙananan ramuka, waɗanda siminti da ruwa ke shiga su cike. Shi kansa garin simintin fiye da rabinsa iska ce: lita 35 ɗin nan, idan ruwa ya kori iskar, ainihin jikinsa bai wuce lita 16 ba. Saboda haka kayan ba sa hawa kan juna, shigewa cikin juna suke yi, kuma abin da ke fitowa bayan kwaɓi kusan kashi biyu cikin uku ne na abin da aka tara a bushe.

Masu ƙididdigar kayan gini suna gyara wannan da lamba 1.54. Kana tara kayan a bushe, ka raba da ita. Lita 245 idan aka raba da 1.54 za ta ba da kusan lita 160. Wannan ne hakikanin abin da buhu ɗaya ke bayarwa a haɗin 1:2:4. Tunda kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, kubik ɗaya na cin buhu shida da ɗan ɗoriya, a ce 6.3. Da wannan hanyar, haɗin 1:3:6 da ake zubawa a ƙasan tushe yana ba da wajen lita 225 a buhu, shi kuwa mai ƙarfi na 1:1½:3 lita 125 kacal, wato buhu takwas a kubik. Lambar 1.54 ƙiyasi ce, tana ɗan motsawa gwargwadon irin tsakuwa da yashi, amma ba ta nisa. Magina a Nijar ma, da suke faɗin haɗi da nauyi, idan sun ce kilo 350 a kubik, buhu bakwai suke nufi, ka ga lissafin bai yi hannun riga da wannan ba.

Lita 160 ba ta da siffa a ido, don haka ga yadda take a wurin aiki. Fila mai inci tara kowane gefe, tsayin mita uku, tana cin wajen lita 152, kusan buhu guda ke nan. Linta mai wannan kauri, buhu ɗaya zai yi maka mita uku da 'yan kai. A dakin kuwa, wato rufin kankare, mai kaurin inci shida, buhu ɗaya murabba'in mita ɗaya yake rufewa da ɗan ragowa. Wanda ya riƙe waɗannan ukun a ka, da wuya a yi masa rufa-ido.

Kuskure na biyu ya fi na farko haɗari, domin shi ba aljihu yake taɓawa ba, ƙarfin ginin yake ci. Alƙaluman 1:2:4 suna nufin mazubi iri ɗaya ne a duka ukun. Amma a wurin aiki siminti a buhu yake zuwa, yashi da tsakuwa kuma da baro ko kwano ake ɗibarsu. Sai ka ji ana cewa buhu ɗaya, baro biyu na yashi, baro huɗu na tsakuwa, an yi ɗaya-biyu-huɗu. Ba a yi ba. Kwanon da leburori ke ɗauka a ka, idan an shafe bakinsa, kusan rabin buhu yake ci, wato kwano biyu ne buhu ɗaya. Baro kuwa yana ɗaukar kusan kwano huɗu, daidai da buhu biyu. Wanda ya zuba baro biyu da baro huɗu a kan buhu ɗaya, haɗin 1:4:8 ya yi, kankaren shimfiɗa wanda bai kamata ya kusanci rodi ba. Buhunsa zai ba shi wajen lita 295, kusan ninkin abin da ya dace, kowa ya yi ta murna siminti ya yi auki. Ni a wurina babu alamar da ta fi wannan tayar da hankali. Idan buhu ɗaya ya cika fila biyu, kowace fila rabin simintinta ta samu.

Daidai shi ne buhu ɗaya, kwano huɗu na yashi, kwano takwas na tsakuwa. Sai dai kwano ma yana da nasa rikici, don na safe da ake ciko shi da tozo ba ɗaya yake da na la'asar ba, lokacin da wuyan lebura ya gaji. Baro kuma girmansu ya bambanta daga wannan maƙeri zuwa wancan. Maganin da na fi yarda da shi shi ne akwatin awo. A sa kafinta ya haɗa akwatin katako, cikinsa santimita 30 a faɗi, 30 a tsawo, zurfi 39, da mariƙi a gefe biyu. Wannan akwati daidai yake da buhu ɗaya. A cika shi sau biyu da yashi, sau huɗu da tsakuwa, ana shafe bakinsa da katako kowane zubi. Kuɗin haɗa shi bai taka kara ya karya ba, kuma yana kashe gardama. Idan dole sai da baro za a yi, a juye akwati biyu a cikinsa, a ja layi da fenti inda kayan suka tsaya.

Yashi ma yana yaudara idan yana da danshi. Wanda tifa ta kawo daga kogi da ɗanyensa, ko wanda ruwan damina ya taɓa, yana kumbura, wani lokaci da kashi ɗaya cikin huɗu, saboda danshin yana hana ƙwayoyinsa kwanciya a kan juna. Kwano huɗu na irin wannan yashi bai fi kwano uku da ɗan kai na gaskiya ba. Kankaren sai ya fito da ƙarancin yashi, ya yi gautsi, ya ƙi bin cokali, yawansa ya ragu, kuma in an cire katako a tarar da ramuka kamar saƙar zuma. Gwajin ba wuya. A zuba yashin a gora mai miƙaƙƙen jiki har tsayin santimita 20, ba tare da dannawa ba, a cika da ruwa, a motsa, a bari ya kwanta. Idan ya sauka zuwa 16, to a riƙa zuba kwano biyar a maimakon huɗu, a kuma rage ruwan kwaɓi, tunda yashin ya zo da nasa. Busasshen yashin rani ba ya buƙatar wannan gyara.

Ruwa kuwa, jarka ɗaya mai lita 25 ko sama da haka kaɗan ta ishi buhu. Leburori suna son ƙari don shebur ya yi sauƙi, wasu kuma suna ganin yana ƙara yawa. Ƙarin lita goma ba zai ƙara maka fiye da lita goma ba a kan 160, ga shi yana zubar da ƙarfin kankaren sosai. Za ka gane an yi haka idan ruwa ya taso ya kwanta a saman aikin, ko ruwan siminti yana tsiyaya ta haɗin katako, ko bayan bushewa saman yana gari in an goga ƙafa.

Yanzu mu bi aiki ɗaya daga farko. Ɗaki ne ƙafa goma sha biyu kowane gefe, wato mita 3.6, za a zuba masa dakin mai kaurin inci shida, mita 0.15, kuma injiniya ya rubuta 1:2:4. A ninka 3.6 da 3.6 da 0.15, a samu kubik 1.94, wato lita 1,940. A raba da 160, buhu goma sha biyu ke nan da ɗan ɗoriya. Wanda ya yi lissafi da lita 245 buhu takwas zai sayo, siminti ya yanke masa ana kashi biyu cikin uku na aikin, a tsaya neman mota, wanda aka zuba ya fara kamawa, a bar gaɓa a tsakiyar dakin inda ruwa zai riƙa bi. A kan sha biyun nan a ƙara kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na abin da ke zubewa da wanda ke maƙalewa a ƙasan wurin kwaɓi, a sayi sha huɗu. Yashi zai kama wajen kubik ɗaya, tsakuwa kusan biyu. Bim da matakala ba sa cikin wannan, a auna su daban, domin mantawa da su ma yana cikin abin da ke sa siminti ya gaza.

Ko lissafi ya yi daidai, kauri na iya ɓata shi. Inci ɗaya tak da ya ƙaru a ɗakin nan, ko don katako ya lotsa a tsakiya ko don an ɗaga bakinsa fiye da kima, lita 324 ne, buhu biyu cur. A daɓen ƙasa abin ya fi yawa, don cikon da ba a daidaita ba yana shanye kankare a kwarurrukansa. Kafin a fara kwaɓi, a ja igiya daga gefe zuwa gefe, a auna zurfi a wurare biyar ko shida, har da tsakiya, a yi lissafi da abin da tef ya nuna.

Lambar 32.5 ko 42.5 da ke jikin buhu ƙarfi take nunawa, ba yawa ba, kowanne kilo 50 ne kuma kankare ɗaya za su bayar a haɗi ɗaya. Abin da ke rage yawa daga ɓangaren buhu shi ne wanda aka farke aka ɗiba aka sake ɗinkewa, da wanda danshi ya sa ya yi gudaji masu tauri da yatsa ba ya murƙushewa. Na farko sikeli ke tona shi, a ɗora buhu biyu ko uku daga cikin lodi. Na biyu kuma kada a sa shi a dakin ko fila.

Ranar zubi, a ajiye buhunan da aka juye a wuri ɗaya, kada a bari yara su kwashe. Idan an kai rabin ɗakin nan, a tsaya a ƙirga. Shida ko bakwai ya kamata a gani. In huɗu ne, an tsinka haɗin da yashi da tsakuwa, a gyara awo nan take. In tara ne, a duba kauri da ƙasan katako, akwai inda kankare ke tafiya.