Yadda ake tarbar mai saye a bakin kanta

A Kantin Kwari, shago goma a jere na iya ajiye atamfa iri ɗaya, kuɗinsu kuma kusan ɗaya. Abin da yakan tsayar da mai saye a naka shi ne tarbar da ka yi masa. Na ga yaran shago da yawa sun san kaya sun san farashi, amma suna kashe ciniki tun kafin a warware turmi ko ɗaya.

Da farko, ajiye waya. Kifa ta ko ka sa a aljihu, ka ciro abin da ka toshe kunne da shi. Idan an yi sallama, amsa ta cikakkiya da muryar da za a ji, ka miƙe in wanda ya shigo ya girme ka. Wanda bai yi sallama ba, kai ka fara: "Sannu da zuwa."

Wurin da sababbi suka fi faɗuwa shi ne sunan da za su kira mutum da shi. Yaro zai ga mace mai shekara talatin da 'yan kai, ya ce mata "Mama". Ita ba za ta ce komai ba, sai dai ka ga fuska ta canza, ta ɗan taɓa kaya ta ce bari ta zaga ta dawo, kuma ba za ta dawo ba. A shagonmu doka ce: mace baliga "Hajiya" ce, ko ta je Makka ko ba ta je ba. "Mama" sai wadda ta haife ka a shekaru, ita ma "Hajiya Mama" ya fi daɗin ji. Budurwa "Malama". Namiji magidanci "Alhaji", matashi "Malam", dattijo "Baba", mai kaki ko wanda ka ga alamar ma'aikaci ne "Yallaɓai". In ka rasa, ka ɗaga mutum sama, ba wanda ke fushi don an girmama shi. Babba kuma da "ku" ake yi masa magana: "Sannunku da zuwa, an zo lafiya?" Kada in ji "ke" tsirara a bakin yaro, balle "'yammata" ko tsit da baki don a jawo mai wucewa.

Hannu fa? Namiji ka miƙa masa na dama. Dattijo ka ɗan rusuna, ka bari shi ya fara miƙowa. Mace ba a miƙa mata hannu, kuma ba a kafe ta da ido.

Sai gaisuwar kanta. Tambaya biyu ko uku sun isa, amma ka jira amsar kowacce. A ce wata Hajiya ta shigo bayan azahar, da jaka a hannu da 'yarta a baya, gumi na zuba:

"Wa alaikumus salam. Sannunku da zuwa Hajiya, ina wuni?"

"Lafiya lau."

"Ya gida, ya rana? Bismillah, ga wuri, ku zauna ku huta."

Ka jawo benci, ka juya musu fanka, ka gaishe da yarinyar ita ma. Ruwan leda biyu masu sanyi ba za su karya jari ba, ni kullum ina da jaka guda a kula saboda wannan. Sai ta sha ta numfasa tukuna ka ce, "Hajiya, me za a duba muku?" Kada ka tare ta da "me kike so?" tun tana bakin ƙofa, wannan tambaya ce ta mai kora. Idan ta ce kayan lefe take haɗawa ko ankon biki, ka ce "Allah ya sanya alheri, Allah ya kai mu lokacin" kafin ka taɓa atamfa ko leshi. Daga nan hira ta buɗe, ita da kanta za ta gaya maka kala da turmi nawa.

Ka kuma iya karanta mai sauri. Wanda ya amsa gaisuwa a tsaye yana duban agogo, "sannu da zuwa Alhaji" ta wadatar, ka ba shi shaddarsa. 'Yan sari da suka taso daga Maraɗi ko Damagaram, su kam "ya hanya?" dole ce, don sun sha tafiya. Tsohon kwastoma ka tambayi abin da ya gaya maka wancan zuwan, ya mai jiki, ya aka ƙare da biki.

In kana tare da wani sai ga sabon mutum, ɗago kai ka ce, "Sannu da zuwa, ina zuwa yanzu," ka nuna masa wurin zama, ka koma kan na farko. Idan aka yi tayi bai kai ba, "albarka" ake cewa da sakin fuska. Wadda ta tashi ba ta sayi komai ba, ka raka ta da "mun gode Hajiya, a gaida gida," da muryar da ka tarbe ta da ita.