Yadda Na Gyara Rahoton Masaukinmu Na Jos

Masaukinmu ɗaki 12 ne, amma rahoton Satumba ya nuna cikar ɗakuna ta haura kashi 100. Da na bi rajistar baƙi layi-layi a Excel, sai na ga ana ƙirga ranar fita a matsayin kwana. Baƙon da ya shiga ranar 3 ya fita ranar 5 kwana biyu ya yi, ba uku ba. Ga kuma waɗanda suka soke zuwa, suna cikin lissafin.

Na tace waɗanda suka soke, sannan na sa farkon wata a G1, farkon watan gaba a H1, ranar shiga a B, ranar fita a C:

```
=MAX(0,MIN(C2,$H$1)-MAX(B2,$G$1))
```

Amfanin wannan shi ne, wanda ya shiga 28 ga Satumba ya fita 3 ga Oktoba, kwana uku kawai Satumba za ta ɗauka, kuɗinsa ma haka na raba shi.

Ɗaki 12 sau kwana 30 ya ba da 360. An sayar da 216, wato kashi 60. Kuɗin ɗakuna zalla, ban da na abinci, naira 4,320,000 ne. Na raba da 360, ba 216 ba, domin ɗakin da ya kwana ba kowa shi ma an kashe masa kuɗin gas ɗin janareta da albashin ma'aikata. Kowane ɗaki ya kawo naira 12,000 a kwana.